Kafin Mai Gida Ya Buɗe Rahoto: Yadda Ake Rubuta Imel Ɗin Rakiya

Gidajen haya da yawa a Kano, Kaduna da Zariya masu su ba sa zaune kusa da su. Wani yana Abuja yana aikin gwamnati, wani yana Legas yana kasuwanci, wata Hajiya kuma tana Jidda wajen 'ya'yanta. Abin da ya haɗa su da gidan shi ne mutumin da suka wakilta: ko ƙwararren mai kula da kadarori, ko lauya, ko kuma wani ɗan'uwa da aka yarda da shi. Wannan wakili kan zaga gidan lokaci-lokaci, ya leƙa rufi, ya taɓa bango, ya buɗe akwatin wuta, ya ɗauki hotuna, sannan ya zauna ya rubuta rahoto. Rahoton kan kai shafi goma sha biyar ko ashirin. Idan ya gama sai ya liƙa shi a imel, ya rubuta layi ɗaya: "Assalamu alaikum, ga rahoton gida nan, a duba." Daga nan ya koma jiran amsa.

Sau da yawa amsar ba ta zuwa, kuma ba don mai gidan bai damu da dukiyarsa ba. Saƙon ya same shi ne a waya, yana cikin mota ko tsakanin taro da taro. Ya ga akwai takarda a liƙe, ya ce sai dare, daren kuma ya zo da nasa al'amuran. Abin da kawai ya shiga idonsa shi ne layin nan guda, wanda bai gaya masa komai ba. Shi ya sa duk wanda ya daɗe a wannan aiki yake ɗaukar imel ɗin rakiya a matsayin takardar da za a yanke hukunci a kanta. Rahoton hujja ce da za a koma mata in an so tabbatarwa. Imel ɗin shi ne zai sa kuɗi su fito ko su ƙi fitowa kafin ruwa ya sauka.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi daga farko har ƙarshe. A ce bene ne mai hawa ɗaya a wata unguwa a Kano, falat huɗu, biyu a ƙasa biyu a sama, kowanne ana biyan hayar naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu a shekara. Mai gidan, Alhaji, yana Abuja. Wakilinsa ya zaga gidan a tsakiyar Afrilu, lokacin da ya fi dacewa da irin wannan zagaye, domin a Kano ruwan farko kan zo da iska mai ƙarfi wajen Mayu ko farkon Yuni, sannan damina ta yi nauyi a Agusta. Duk alƙaluman kuɗin da za su biyo baya na misali ne, an sa su ne don a ga yadda lissafin ke tafiya, ba don a ɗauke su farashin kasuwa ba.

Ga abin da wakilin ya tarar. A falat na biyu akwatin wuta ya yi baƙi da alamar ƙuna, kuma wani ya cire abin da ke katse wuta in lodi ya yi yawa, ya haɗa gurbin da zallar waya. A falat na uku silin ɗin falo ya yi tabon ruwa ya lanƙwaso, kuma da aka leƙa ta ƙofar silin an ga haske na shigowa ta wasu kwanuka da suka yi tsatsa kusa da magudanar rufi. A bayan gida murfin sokawe ya tsage, kuma ramin ya kusa cika. A bangon gabas akwai tsaga da ta taso a karkace daga kusurwar taga ta yi sama. Ƙarfen da ke ɗauke da tankin ruwa ya fara cin tsatsa daga gindi, gara ta shiga katakon ƙofofi biyu, fentin waje kuma ya koɗe. Falat na huɗu ba a shiga ba, domin ɗan hayar ya yi tafiya da makulli.

Abu bakwai ke nan, da ɗaki guda da ba a gani ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a jero su yadda aka ci karo da su: a fara daga ƙofar shiga, a bi ɗaki-ɗaki, a ƙare a bayan gida. Wannan tsari ya dace da rahoto, amma a imel yana binne abin da ya fi muhimmanci. Mai karatu zai fara cin karo da fentin ƙofar gida kafin ya isa ga akwatin wutar da zai iya tayar da gobara da daddare. Tsarin imel ɗin rakiya na hatsari ne, ba na tafiyar ƙafa ba.

Tambayar da ke raba gyaran gaggawa da saura guda biyu ce. Ta farko: in aka bar shi, zai iya cutar da mutum? Ta biyu: in aka bar shi wata uku, kuɗin gyaransa zai ninka? Akwatin wutar ya faɗa ta farko kai tsaye. Abin katse wutar nan aikinsa shi ne ya yanke layi idan wuta ta wuce ƙarfin da wayar za ta ɗauka. Da aka maye gurbinsa da waya, babu abin da zai hana wayoyin cikin bango su yi zafi har robarsu ta narke, musamman a watannin zafi da kowa ke kunna na'urar sanyaya ɗaki da injin tura ruwa. Murfin sokawe ma haka, domin yara na wasa a wajen, kuma faɗawa irin wannan rami ba abin da ake fita da sauƙi ba ne. Rufin kuwa ya faɗa tambaya ta biyu. Yau kwano goma sha biyu ne da 'yan katakai. In damina ɗaya ta wuce a kai, ruwa zai ruɓar da katakon rufin, ya zubar da silin, ya jiƙa wayoyin da ke bi ta sama, ya kuma lalata kayan ɗan haya, wanda zai zo yana neman a rage masa kuɗin haya. Fenti bai faɗa ko ɗaya ba. Ko da shi ne ya fi cin kuɗi, kuma shi ne mai wucewa zai fara gani, zai iya jira har kaka.

A nan ne wakilai da yawa suke kashe kalmar "gaggawa". Sukan liƙa ta a kan kowane gyara, suna ganin hakan zai sa mai gida ya yi saurin sakin kuɗi. Abin da ke faruwa shi ne akasin haka. Idan Alhaji ya ga abu bakwai duk na gaggawa, jimillarsu ta haura miliyan biyu, zai ce wakilin nan yana son cin kuɗi ne, ya ajiye maganar gaba ɗaya, har da wutar. Wanda ya ce uku ne kawai ba za su jira ba, ya kuma faɗa da bakinsa cewa fenti na iya jira, ya sayi amincewa da wannan rangwamen.

Ga yadda imel ɗin wannan gida zai iya kasancewa.

> Kan magana: Gidan haya na Kano: gyara 3 na gaggawa, ₦1,050,000, ana neman amincewa kafin 25 ga Afrilu
>
> Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, da fatan kana lafiya tare da iyali.
>
> Na zaga gidan ranar 15 ga Afrilu tare da kafinta da mai gyaran wuta. Ginin gaba ɗaya yana nan da kyau kuma ana zaune lafiya, amma akwai gyara uku da bai kamata su kai damina ba, da kuma tsaga ɗaya a bango da nake so injiniya ya gani.
>
> Na gaggawa:
>
> 1. Akwatin wutar falat na 2 ya ƙone, an cire abin katse wuta an haɗa da waya. Akwai hatsarin gobara. Na sa an kashe layin na'urar sanyaya ɗaki har a gyara. Kuɗi: ₦180,000. (Shafi na 4, hoto na 6 da na 7.)
> 2. Murfin sokawe ya tsage, ramin ya kusa cika, yara na wasa a wurin. An kewaye shi da katako na wucin gadi. Kwasa da sabon murfi: ₦250,000. (Shafi na 9.)
> 3. Rufin falat na 3 yana yoyo. Kwano 12, katako da silin: ₦420,000, zai iya kaiwa ₦520,000 in an buɗe an tarar ruɓar katako ta fi abin da muka hango. (Shafi na 6.)
>
> Tsagar bangon gabas ta kai kusan milimita 6 a inda ta fi faɗi. Ban sa mata kuɗin gyara ba, domin sai injiniyan gini ya faɗi sanadinta. Kuɗin zuwansa da rahotonsa: ₦100,000.
>
> Abin da nake nema: amincewarka a rubuce na kashe abin da bai wuce ₦1,050,000 ba a kan waɗannan huɗun. In ka amince zuwa 25 ga Afrilu, za a gama kafin tsakiyar Mayu, in Allah ya yarda.
>
> Masu iya jira: ƙarfen tanki da ƙofofi biyu da gara ta ci, ₦350,000, cikin wata shida, fentin waje, ₦900,000, bayan damina.
>
> Kuɗin wuta da na sokawe farashin masu aiki ne a rubuce, sun ce zai tsaya har kwana 14. Sauran ƙiyasina ne. Ban shiga falat na 4 ba, ɗan hayar ba ya gari. Ban gwada injin rijiyar burtsatse ba, domin babu wuta a lokacin.
>
> Cikakken rahoton yana liƙe, shafi 18. Zan kira ka gobe bayan La'asar, in lokacin ya yi maka.
>
> Na gode, Allah ya ƙara girma.

Duk wannan bai wuce abin da mutum zai karanta a waya cikin minti biyu ba. Yanzu mu duba dalilin da ya sa wasu abubuwa suka zauna a inda suka zauna.

Kan maganar ya ɗauki gidan, yawan gyaran, kuɗin da ranar. Mai gida da ke da kadara a wurare uku ba zai tsaya tunanin wanne ake nufi ba, kuma bayan shekara biyu, in an shiga gardama, rubuta sunan unguwar kawai a wurin nema zai fito da saƙon. Gaisuwa kuwa ba a yar da ita. Bahaushe ba ya faɗa wa babba maganar kuɗi ba sallama, kuma imel bai canza wannan ba. Amma layi ɗaya ya isa. Tambayar gajiya da zafi da labarin 'yan makaranta a bar su sai an yi waya.

Jimlar da ke bin gaisuwa ita ce hukuncin wakili a kan gidan baki ɗaya, kuma ita ce mutane suka fi tsoron rubutawa. Mai gida yana so ya san abu ɗaya kafin komai: gidana lafiya yake, ko akwai matsala babba? Idan wakili ya tsallake wannan ya faɗa jerin gyare-gyare, mai karatu zai cike gurbin da abin da zuciyarsa ta raya masa, ko dai ya firgita ko ya yi sakaci. Kalmomi irin su "ba laifi" ko "akwai 'yan matsaloli" ba hukunci ba ne. A ce ginin yana da kyau amma abu uku ba za su jira ba, ko a ce gidan ya kai matsayin da sai an fitar da mutane kafin a gyara. Kowanne daga cikinsu magana ce da za a iya aiki da ita.

A lura kuma kowane gyaran gaggawa ya zo da abu huɗu a gajarce: abin da aka gani, abin da zai jawo, kuɗinsa, da shafin da hujjarsa take. A biyu daga ciki an ƙara abin da aka riga aka yi don rage hatsari. Wannan ƙarin yana da amfani ga kowa. Ya nuna wa mai gida cewa wakilinsa bai ga rami a buɗe ya juya baya ba, kuma in wani abu ya faru kafin kuɗi su iso, akwai shaidar cewa an sanar, an kuma ɗauki matakin da ake iyawa ba tare da kuɗi ba.

Maganar kuɗi ita ce ta fi bukatar a zauna a kanta, domin a nan ne zumunci tsakanin mai gida da wakili ya fi lalacewa. Kuɗin da ke cikin irin wannan imel iri biyu ne, kuma wajibi ne a bambance su. Akwai farashin da mai aiki ya zo ya gani ya rubuta ya sa hannu, wanda za a iya riƙe shi da shi. Akwai kuma ƙiyasin wakili, wanda ya gina a kan abin da ya sani na kasuwa. Idan aka gauraya su ba bayani, mai gida zai ɗauki duka a matsayin alkawari. Ranar da kafinta ya ce dubu ɗari biyar maimakon ɗari huɗu da ashirin, Alhaji zai ce, "Ai kai ka ce min kaza," kuma yana da gaskiya, tunda ba a gaya masa ƙiyasi ba ne.

Dubi yadda aka samu kuɗin rufin. Kwano bandir ɗaya, wanda ke da falle ashirin, an sa masa ₦150,000. Goma sha biyu ake bukata, amma gara a sayi bandir, domin da wuya a ɗaga tsohon kwano na kusa da shi bai nuna nasa ciwon ba. Katako da ƙusa ₦90,000. Silin da fentinsa ₦80,000. Ladan kafinta da yaransa ₦100,000. Jimilla ₦420,000. Wannan rarrabewa tana cikin rahoto, ba ta shiga imel ba, amma dole wakili ya kasance yana da ita a hannu lokacin da zai yi waya. Ƙarin dubu ɗari ɗin da aka sa a sama ba na ko-ta-kwana ba ne kawai, yana da sanadi da aka ambata: ta ƙofar silin aka leƙa da tocila, ba a ga bayan katakon da kwano ya rufe ba. Tazara tsakanin ƙaramin kuɗi da babba tana da amfani ne idan an faɗi abin da zai kai aikin ga babban. Tazarar da ba ta da dalili, irin "tsakanin dubu ɗari uku zuwa ɗari takwas", tana nuna cewa mutum bai duba ba.

Sannan a lura da abin da aka nemi amincewa a kansa. An ɗauki babban kuɗin rufi, ₦520,000, aka haɗa da ₦180,000 na wuta da ₦250,000 na sokawe, ya ba da ₦950,000, aka ƙara ₦100,000 na injiniya, ya zama ₦1,050,000. An nemi izini a kan iyakar sama, ba a kan ƙaramin lissafi ba. Dalili shi ne rufi ba aikin da ake tsayarwa a tsakiya ba ne. In an yaye kwano aka tarar da ruɓa, ba za a bar ɗakin mutane a buɗe ana neman Alhaji a waya yana cikin jirgi ba. Abin da ya rage kuma a mayar da shi tare da rasit. Wakilin da ya taɓa mayar da canjin dubu sittin ba zai sha wahalar samun amincewa a karo na gaba ba.

Wa'adin kwana goma sha huɗu da aka sa wa farashi shi ma ba ado ba ne. Duk wanda ya yi gini a Najeriya a farkon 2024 ya ga yadda buhun siminti mai kilo 50 ya tashi daga dubu biyar da wani abu ya haura dubu goma a wasu wurare cikin 'yan makonni. Tun bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin dakon yashi da na kaya ma ba ya zama wuri ɗaya. Ƙiyasin da ba shi da kwanan wata da wa'adi zai zama abin faɗa idan mai gida ya amsa bayan wata biyu. In kamfani mai rajista ne zai yi aikin, a tambaya ko farashinsa ya haɗa da harajin VAT, wanda yake kashi 7.5 cikin ɗari tun Fabrairun 2020, a kuma faɗa a imel. A aikin miliyan ɗaya wannan naira dubu saba'in da biyar ne, kuɗin da ya isa ya jawo zargi.

Akwai wakilan da ke ƙara layi ɗaya da ke auna kuɗin da hayar gidan, kuma ina ganin dabara ce mai kyau in mai gidan mutum ne mai son lissafi. A misalinmu hayar shekara miliyan huɗu da dubu ɗari takwas ce, don haka kuɗin da ake nema ya ɗan haura kashi ɗaya cikin biyar nata, bai ma kai hayar falat guda ba. In akwai kuɗin haya a hannun wakili, a nan ne zai tambaya ko a cire daga ciki ko Alhaji zai turo. Kada ya cire da kansa ya sanar daga baya, sai in yarjejeniyarsu ta ba shi wannan izini har zuwa wani adadi.

Tsagar bango ta samu sakin layi nata, kuma da gangan aka ƙi sa mata kuɗin gyara. Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Siraran da ke yawo a fuskar filasta kamar gashi yawanci bushewar siminti ce, magini zai toshe su a shafa fenti. Wadda ke sa a tsaya ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, wadda ta fi faɗi a gefe ɗaya, ta ratsa bulo ta fito a ɗaya fuskar bangon, musamman in ƙofar kusa da ita ta fara cijewa. Irin wannan kan nuna cewa wani ɓangaren tushen gini yana nutsewa, kuma sau da yawa sanadin ruwa ne: bututun da ya fashe a ƙasa, ko sokawe da aka haƙa dab da gini, ko ruwan indararo da ke zuba a gindin bango shekara da shekaru. A ma'aunin da cibiyar binciken gine-gine ta Birtaniya, BRE, ta fitar, tsagar da ba ta kai milimita 5 ba ana lissafa ta cikin masu sauƙi, daga 5 zuwa 15 kuwa ta shiga matsakaita da ke bukatar a bincika. Tamu shida ce. Wakili zai iya auna ta, ya yi alama da fensir a ƙarshenta ya rubuta kwanan wata don a ga ko tana ƙaruwa, amma faɗin sanadinta aikin injiniyan gini ne mai rajista da COREN. Ko ƙwararren mai kula da kadarori da ke cikin ƙungiyar NIESV ba hurumin sa ba ne ya yanke hukunci a kan tushen gini. Da wakilin ya rubuta "toshe tsaga, dubu arba'in", da ya rufe maganar da filasta, kuma in bangon ya ci gaba da buɗewa sunansa ne a kan takardar da ta ce ƙaramin abu ne.

Wannan ne ya kai mu ga layukan ƙarshe, inda aka faɗi abin da ba a gani ba. Wasu na ganin rubuta "ban shiga falat na 4 ba" gazawa ce. Amma shiru a kan ɗaki mai gida zai fassara shi da lafiya. In bayan wata uku silin ɗin falat na huɗu ya rufto, tambayar farko ita ce, "Ba ka ce ka duba gidan ba?" Layi ɗaya ya isa ya amsa wannan tun kafin a yi ta.

Wani abin da aka bari a waje da gangan shi ne ɗora laifi. Wa ya cire abin katse wutar? Mai yiwuwa ɗan hayar ne ya kira wani yaro mai gyara, mai yiwuwa kuma haka ya tarar. Bisa al'ada gyaran rufi, bango da manyan layukan ruwa da wuta na mai gida ne, ɓarnar da ɗan haya ya yi da hannunsa kuma tasa ce, sai dai abin da takardar yarjejeniya ta faɗa shi ne abin bi. To amma imel ɗin rakiya ba wurin shari'a ba ne. Saƙo irin wannan ana tura shi gaba: ga ɗa, ga lauya, wani lokaci ga ɗan hayar kansa. In akwai maganar wanda zai biya, a ce "za mu duba yarjejeniya bayan an gyara", a bar ta nan. Gobara ba za ta jira a gano mai laifi ba.

Ranar da aka sa ta 25 ga Afrilu ma daga lissafi ta fito. Sabon murfin sokawe kankare ne, yana so a riƙa ba shi ruwa aƙalla mako guda bayan zubawa, kuma sai wajen kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. Kafintoci kuma kowa na nemansu da zarar hadarin farko ya yaye wa mutane rufi, a lokacin ladansu ya tashi kuma samunsu ya yi wuya. Wa'adin da ke da dalili irin wannan ba rashin ladabi ba ne ga babba, kuma in an tambaya akwai amsa.

Saura 'yan abubuwan da suka shafi turawa. Rahoton ya tafi a matsayin PDF guda ɗaya, ba hotuna arba'in a warwatse ba, kuma sunan fayil ɗin ya ɗauki gidan da watan. Gmail ba ya ɗaukar abin liƙawa da ya wuce 25 MB, yakan mayar da shi mahaɗar Google Drive, wadda mai karɓa ba zai iya buɗewa ba in ba a ba shi izini ba. Saboda haka a rage nauyin hotuna kafin a saka su. A buɗe saƙon a waya a gani kafin a tura, a kuma sake haɗa jimillar da hannu, domin kuɗin da ke imel da wanda ke rahoto in suka saɓa ko da dubu goma ne, sauran maganar ta raunana.

Mutanenmu da yawa sun fi sakewa da WhatsApp, kuma babu laifi a bi imel da ɗan saƙon murya cewa an turo. Amma "to, ku yi abin da ya dace" da aka faɗa a waya ba amincewa ba ce da za a kashe miliyan a kanta. Bayan an gama waya, wakili ya rubuta a ƙarƙashin imel ɗin: "Kamar yadda muka yi magana yau, ka amince da kashe har ₦1,050,000 a kan abu huɗun nan," ya roƙi Alhaji ya amsa ko da kalma ɗaya ce.

Kai kuma mai gida, in saƙo ya zo maka yana cewa an canza lambar asusun da aka saba turawa, kada ka tura ko sisi sai ka kira wakilinka a lambar da ka sani ka ji daga bakinsa, domin 'yan damfara kan shiga akwatin imel su jira daidai irin wannan saƙo mai maganar kuɗi. In kuma abin da wakilinka ke turo maka har yanzu "ga rahoto nan, a duba" ne, ka mayar masa ka ce ya rubuto maka uku da suka fi gaggawa, nawa za su ci, da ranar da yake son amsarka.